Rahoto Ɗaya, Jimla Biyu: Tarihin Matakan Keɓewa a Rumbun Bayanai

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu kula da rumbun bayanai suka daɗe suna ji akwai na rahoton da jimlarsa ta ƙasa ta saɓa wa alƙaluman da ke samansa, alhali wanda ya rubuta manhajar ya tabbata cewa ya sa dukan tambayoyinsa cikin mu'amala guda. Mu'amala a wannan fage tana nufin rukunin ayyukan da ake buɗewa da `BEGIN` a rufe da `COMMIT`, waɗanda ko dai su tabbata baki ɗaya ko a soke su baki ɗaya. Zaton da aka saba yi shi ne buɗe mu'amala yana tsayar da bayanai cak har sai an rufe ta, amma wannan alkawari bai shiga cikin abin da yawancin rumbuna ke bayarwa ba sai an nema, kuma dalilin hakan yana komawa shekarun 1970.

A wancan lokaci masu bincike na kamfanin IBM da ke San Jose suna gina System R, kuma hanyar da suke da ita ta hana mu'amaloli yi wa juna katsalandan ita ce kulle: mai karanta layi yana kulle shi don kada a canja shi, mai rubutu kuma yana kulle shi don kada kowa ya taɓa. Idan aka riƙe kowane kulle har ƙarshen mu'amala, sakamakon zai zama tamkar an gudanar da mu'amalolin ɗaya bayan ɗaya, sai dai rahoton da ke karanta dukan asusun banki zai tsayar da aikin kowa har ya gama. A 1976 Jim Gray, Raymond Lorie, Gianfranco Putzolu da Irving Traiger suka bayyana matakai huɗu, daga 0 zuwa 3, waɗanda bambancinsu ya ta'allaƙa ga irin kullen da ake ɗauka da tsawon lokacin da ake riƙe shi. A mataki na 2 ana sakin kullen karatu da zarar an karanta layin, saboda haka mai rahoto ba ya ganin abin da ba a tabbatar ba, amma ba abin da zai hana wani ya canja layin a bayansa. Wannan sassauci, wanda aka yi domin aiki ya yi sauri, shi ne tushen `READ COMMITTED`, matakin da Oracle, PostgreSQL da SQL Server ke aiki da shi idan ba a zaɓi wani ba.

Misali zai nuna yadda saɓanin ke aukuwa. A ɗauka cewa banki yana da rassa biyu, na farko da ajiyar Naira 500,000, na biyu da 300,000, kuma rahoton yana gudana haka a PostgreSQL:

```sql
BEGIN;
SELECT SUM(kudi) FROM asusu WHERE reshe = 1;
SELECT SUM(kudi) FROM asusu WHERE reshe = 2;
SELECT SUM(kudi) FROM asusu;
COMMIT;
```

Tambaya ta farko ta dawo da 500,000. Kafin ta biyu ta fara, wani ma'aikaci ya tura 50,000 daga reshe na farko zuwa na biyu ya tabbatar, don haka ta biyu ta dawo da 350,000, ta uku kuma 800,000. Mai duba rahoton zai haɗa layuka biyun farko ya sami 850,000, ya ga rarar 50,000 da ba ta taɓa wanzuwa ba. Kowace amsa daidai take a lokacin da aka bayar da ita, domin a wannan mataki kowace tambaya tana ganin abin da aka tabbatar kafin ta fara. Aibin yana wajen haɗa amsoshin lokuta daban-daban a takarda ɗaya. Alamomin da ake gane shi da su kaɗan ne: bambancin yakan yi daidai da kuɗin tura ɗaya ko wasu ƴan kaɗan, yakan ɓace idan aka sake gudanar da rahoton da dare lokacin da ba a rubutu, kuma `SHOW transaction_isolation;` yakan nuna `read committed`.

Ƙa'idar SQL ta 1992 ta yi ƙoƙarin bayyana matakan ba tare da ambaton kulle ba, sai ta siffanta su da illoli uku da kowanne ke hanawa ko bari: karanta abin da ba a tabbatar ba, sake karanta layi a tarar ya canja, da bayyanar sabon layi da bai nan a karatun farko, wanda aka yi wa laƙabi da fatalwa. Wannan siffantawa ta bar giɓi, kuma misalin da ke sama yana nuna shi, tunda tambayoyi biyun farko ba su karanta layi ɗaya sau biyu ba, amma duk da haka sun ba da hoton da bai dace da kowane lokaci ba. A 1995 Hal Berenson, Philip Bernstein, Jim Gray, Jim Melton, Elizabeth O'Neil da Patrick O'Neil suka buga sukar da ta nuna cewa kalaman ƙa'idar suna ɗaukar fassara fiye da ɗaya, suka ba wannan illa suna na karkataccen karatu, suka kuma bayyana wani mataki da ƙa'idar ba ta san da shi ba, wato keɓewa ta hoto.

Keɓewa ta hoto ta dogara ne ga ajiye tsofaffin siffofin kowane layi maimakon shafe su, dabarar da David Reed ya yi bayaninta a 1978 a MIT, wadda PostgreSQL ta ɗauka a 1999. Mu'amala tana ganin rumbun yadda yake a wani lokaci guda, komai aka rubuta bayansa, kuma ba ta tsayar da masu rubutu. Da rahoton nan ya fara da `BEGIN ISOLATION LEVEL REPEATABLE READ;` da ya ba da 500,000, 300,000 da 800,000. Akwai abin lura da kan wuce wa mutane: ana ɗaukar hoton ne a tambaya ta farko, ba a lokacin `BEGIN` ba, kuma haka InnoDB ta MySQL ke yi, wadda wannan mataki shi ne nata na asali.

Abin da tarihin ya bari, wanda za a iya cewa shi ne babban laifin ƙa'idar, shi ne sunaye iri ɗaya masu ma'ana daban. `REPEATABLE READ` na SQL Server kulle yake riƙewa kuma yana barin fatalwa, don haka sabon asusun da aka buɗe a tsakiyar rahoto zai iya canja jimla, yayin da na PostgreSQL hoto ne da ba ya barin ta. Oracle ba ta da matakin kwata-kwata. Tana ba da hoto ta `SET TRANSACTION READ ONLY` ko `SERIALIZABLE`, wanda shi ma hoto ne, kamar yadda na PostgreSQL ya kasance har zuwa fitowar 9.1 a 2011.

Hoton ma yana da farashinsa, domin muddin rahoto mai tsawo yana buɗe dole ne a ci gaba da riƙe tsofaffin siffofin da yake buƙata. A PostgreSQL hakan yana hana `VACUUM` share matattun layuka, sai teburori su kumbura, a Oracle kuma, idan an riga an rubuta wani abu a kan tsohuwar siffar, rahoton yana yankewa da kuskuren `ORA-01555`.