Morfin

morfin (suna, namiji): maganin ciwo mai ƙarfi da ake samu daga tsiron fofi. Da shi ake sauƙaƙa wa mai ciwon daji azaba idan cutar ta yi nisa. Ba ya warkar da ita.

Amfani: Likita kan fara ba babba miligiram 2.5 zuwa 5 na ruwan sha kowane awa huɗu, ba sai ciwo ya taso ba. Idan ciwon ya dawo kafin lokaci, a ba da ƙari, washegari likita ya daidaita ma'auni. Ana haɗa shi da maganin taurin bayan gida. Barci mai nauyi da jinkirin numfashi alamar ya yi yawa ce, a nemi likita nan take.

Tsoron jaraba: Ɓarnar kodin da taramol ta sa iyalai gudunsa. Amma jaraba ita ce neman maye, kuma da wuya ta kama mai shansa bisa ƙa'ida. Sabon jiki daban ne, shi ya sa ake rage shi sannu a hankali.

Misali: "Yaya, morfin ɗin da aka rubuto wa Baba a Asibitin Malam Aminu Kano ya sa ya samu barci jiya a Unguwar Tudu."