Tsarin sassan aiki da tsarin rassa a kamfani

Tsarin sassan aiki da tsarin rassa hanyoyi ne guda biyu na raba ma'aikata da iko a cikin kamfani. A na farko ana haɗa mutane ne bisa irin aikin da suke yi, a na biyu kuma bisa kayan da suke samarwa ko yankin da suke sayarwa.

## Tsarin sassan aiki

A wannan tsari akwai sashen sayen kaya, sashen sarrafawa, sashen sayarwa, sashen kuɗi da na gyaran injuna. Shugaban kowane sashe yana ƙarƙashin babban manaja kai tsaye. Amfaninsa shi ne rage kashe kuɗi, domin akanta ɗaya da ma'ajiya ɗaya sun wadatar da kamfanin gaba ɗaya. Rauninsa kuwa, babu wanda alhakin ribar wani kaya ya rataya a wuyansa sai babban manaja, don haka duk wani saɓani tsakanin sassa teburinsa yake komawa.

## Tsarin rassa

A nan kowane reshe tamkar ƙaramin kamfani ne, yana da masu saye, masu sarrafawa da masu sayarwa nasa, kuma ana lissafa ribarsa daban. Kamfanin DuPont na Amurka ya koma wannan tsari a shekarar 1921, bayan ya faɗaɗa daga yin abubuwan fashewa zuwa fenti da rini, har tsohon tsarinsa ya kasa ɗaukar nauyin. Masanin tarihi Alfred Chandler ya yi nazarin lamarin a littafin da ya wallafa a 1962, inda ya nuna cewa dabarar kasuwancin kamfani ce ke haifar da tsarinsa. A Najeriya, rukunin Dangote ya yi kama da haka, domin siminti, sukari da gishiri kowanne na ƙarƙashin kamfani mai shugabanninsa. Illar tsarin ita ce maimaita ma'aikata da kayan aiki a kowane reshe.

## Misali daga yankin Rano

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne na manoma a kudancin Jihar Kano, kusa da yankin noman rani na Kadawa, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga. Shinkafa na cikin manyan amfanin gonar wannan yanki.

A ƙaddara akwai kamfanin casar shinkafa a Rano mai ma'aikata 120. Yana sayen shanshera, ya turara ta, ya busar, ya cashe, ya zuba a buhu. Tunda kayansa iri ɗaya ne, injunansa ɗaya ne, dilolinsa ma ɗaya ne, tsarin sassan aiki ya fi dacewa da shi.

Matsalar da zai iya fuskanta tana tsakanin sassa. Idan ana yaba wa sashen saye ne kawai don ya sayo da araha, zai iya kwaso shanshera mai danshi sosai. Ana son danshinta ya kasance kimanin kashi 14 cikin 100 kafin casa, saboda haka sashen sarrafawa zai ɓata lokaci da makamashi wajen busarwa, nauyin kayan kuma ya ragu. In aka gaggauta busarwar, ƙwayar takan tsage, karyayyar shinkafa ta yi yawa, diloli su rage farashi. Kowane sashe zai ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Maganin wannan ba sauya tsari ba ne. Ya isa a auna danshi tun a bakin ƙofa, sannan a riƙa auna sassan duka da ma'auni ɗaya, wato yawan lafiyayyar shinkafa da aka samu daga kowane buhun shanshera.

Lamarin zai sauya idan kamfanin ya buɗe masana'antar man gyaɗa a Kibiya. Injunan matse mai daban ne, masu sayensa daban ne, farashinsa ma ba ya bin na shinkafa. A nan ne naɗa manaja mai alhakin ribar kowace masana'anta yake da ma'ana.

## Wanne ya fi dacewa

Ga matsakaicin kamfani mai kaya iri ɗaya ko masu kama da juna, tsarin sassan aiki ya fi, domin cinikinsa bai kai ya biya akantoci da injiniyoyi ninki biyu ba. Abin da ake dubawa shi ne bambancin kaya da kasuwanni, ba yawan ma'aikata ba. Alamomin da ke nuna lokacin sauyi ya yi su ne:

* ƙananan shawarwari suna jiran babban manaja kwana da kwanaki;
* ba a iya faɗin wane kaya ke kawo riba, wane ke cin ta;
* sabon kaya kullum shi ne na ƙarshe wajen samun kuɗi da masu gyara.

Ko a lokacin, kamfanoni da dama sukan ɗauki matsakaiciyar hanya: su raba saye, sarrafawa da sayarwa zuwa rassa, su bar kuɗi da harkokin ma'aikata a hedikwata.