Matsakaicin tsadar jari

Matsakaicin tsadar jari, wanda ake taƙaita shi da WACC a littattafan harkar kuɗi, shi ne mafi ƙarancin ribar da dole kamfani ya samar domin ya gamsar da masu hannun jari da masu ba shi rance baki ɗaya. Ana auna kowane ɓangare gwargwadon kasonsa a jarin.

```
WACC = (E/V × Re) + (D/V × Rd × (1 − T))
```

E kuɗin masu hannun jari ne, D rance, V jimillarsu. Re ribar da masu hannun jari ke tsammani, Rd kuɗin ruwa, T kuma harajin kamfani.

Misali

A ɗauka wata masana'antar casar shinkafa a Kalgo tana da jarin naira miliyan 100: miliyan 60 na masu hannun jari da ke tsammanin ribar kashi 25 cikin ɗari, miliyan 40 kuma rancen banki mai ruwan kashi 20.

Da farko a fitar da kaso: 0.6 da 0.4. Sannan a rage tsadar rancen, domin ana cire kuɗin ruwa kafin a lissafa haraji. Idan harajin kashi 30 ne, 20 ya koma 14. A ƙarshe a ninka, a tara: 15 da 5.6 sun ba da kashi 20.6.

Saboda haka, idan sabon reshe a Gwandu zai kawo ribar kashi 18 kacal, bai biya tsadar jarinsa ba.

Iyaka

Wajen auna E da D, ana amfani da darajar kasuwa ta yau, ba tsohuwar da ke cikin littafin asusu ba. Yawaita rance kuma ba ya rage tsadar har abada, domin idan bashi ya yi nauyi, banki da masu hannun jari duk sukan nemi ƙari.