Tantance tsirran magani a kasuwannin Haɗejiya

Tantance tsirran magani shi ne gano ainihin tsiron da busasshen ganye, sassaƙe ko saiwa suka fito daga jikinsa. A Haɗejiya da ƙauyukan fadamar Kogin Haɗejiya, a Jihar Jigawa, 'yan magori kan sayar da su a busashe, a yayyanke ko a dake. A wannan hali fure da 'ya'ya, waɗanda masana tsirrai suka fi dogaro da su, galibi sun riga sun ɓace.

Ganye

Tafasa, filasko da rai ɗore 'yan dangi ɗaya ne, wato Senna, amma aikinsu ya bambanta. Tafasa ana kwaɗa ta a ci, filasko yana sa gudawa mai ƙarfi, ɗanyen irin rai ɗore kuwa yana da guba mai lalata hanta.

Idan ganyen na manne da tsinkensa, ana farawa da ƙirga. Tafasa tana da ƙananan ganyaye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna, masu zagayayyen baki, da ɗan ƙullutu tsakanin biyun farko. Rai ɗore yakan kai takwas ko goma, masu tsinin baki, ƙullutunsa kuma yana gindin tsinken. Filasko ma zagayayyen baki gare shi kamar tafasa, sai dai ganyayensa sun fi shida yawanci, kuma kwansonsa gajere ne mai faɗi, na tafasa kuwa dogo ne siriri kamar lauje. Da zarar ganyen ya zube daga tsinke ya farfashe, ƙirgan ya tashi, sai a nemi ɓurɓushin kwanso a cikin tulin.

Saiwa

Saiwoyi da yawa kan zama iri ɗaya a ido bayan sun bushe. Saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, ana gane ta ne da hanci: idan aka kankare ta, takan yi ƙamshi irin na man zafi. Yawan shanta yana iya kisa.

Iyakar hoto

Hoto ba ya ɗaukar ƙamshi, ɗaci ko taurin itace, launinsa kuma yana sauyawa da haske. Ba ya nuna ko an gauraya tsirrai biyu a gari ɗaya. Sunan da mai kaya ya faɗa ma ba ya yanke hukunci, domin suna ɗaya kan hau tsirrai biyu: Senna obtusifolia da Senna tora duk tafasa ake ce musu.

Abin da hoto ke iyawa shi ne rage zato, musamman idan ya nuna cikakken tsinke, bayan ganye da kwanso, da wani abu a gefe mai nuna girma. Tabbatarwa sai an kai reshe mai fure ko 'ya'ya ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, an kwatanta shi da samfurin da aka riga aka tantance.