Kafar HDMI ta talabijin da alamar ARC

Kafar HDMI ita ce ƙaramin ramin da ke bayan talabijin ko a gefensa, wanda ake soka kebul a ciki domin shigo da hoto da sauti daga wata na'ura, kamar dikoda, kwamfuta ko na'urar wasan bidiyo. Yawancin talabijin na zamani suna da irin waɗannan kafofi biyu zuwa huɗu. A ido dukansu iri ɗaya ne, kuma kebul guda yana shiga kowacce, amma ba lallai aikinsu ya zo ɗaya ba. Babban bambancin shi ne kafar da aka rubuta ARC ko eARC a jikinta. Ita kaɗai ce ke iya fitar da sautin talabijin zuwa lasifikar waje, sauran kuwa karɓa kawai suke yi.

Asali

An fitar da tsarin HDMI na farko a watan Disamba na shekarar 2002, bisa haɗin gwiwar kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony, Panasonic, Philips da Toshiba. Manufarsa ita ce kebul ɗaya ya ɗauki hoto da sauti tare, maimakon wayoyi uku masu launin rawaya, fari da ja da aka saba amfani da su. Bakin kebul ɗin da ake sokawa a talabijin yana da ƙananan fil guda 19, kowanne da aikinsa.

A tsarin farko, hoto da sauti hanya ɗaya suke bi: daga na'ura zuwa talabijin. Wannan ya bar wata matsala. Idan sautin daga cikin talabijin ɗin ya taso, misali tashar da ya kama da eriya, babu yadda za a yi ya isa ga amfilifaya ta kebul ɗin HDMI. Dole sai an ƙara wani kebul na daban, galibi mai aiki da haske, wanda ake sokawa a kafar da aka rubuta OPTICAL. Domin a kawar da wannan kebul na biyu aka ƙirƙiro ARC, wanda ya zo da HDMI 1.4 a shekarar 2009.

Ma'anar ARC

ARC gajarta ce ta Audio Return Channel, wato hanyar mayar da sauti. An kira ta hanyar mayarwa ne saboda sautin yana bin kebul ta baya, daga talabijin zuwa na'urar sauti, saɓanin inda hoto ya saba dosa. Ba a canza siffar bakin kebul ba. An yi amfani ne da fil na 14, wanda a da ba a ba shi wani aiki ba.

Na'urar sautin na iya zama amfilifaya mai lasifikoki da yawa, ko kuma doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, wadda ake rubuta Soundbar a kwalinta. Da zarar an haɗa ta da kafar ARC, duk sautin da talabijin ke da shi zai fita ta wurinta: na tashar eriya, na manhajojin cikin talabijin irin su YouTube, da na duk na'urar da aka soka a sauran kafofin HDMI. Wannan na ƙarshe shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Dikodar da ke kafa ta 1 ba ta buƙatar nata kebul zuwa lasifika, domin talabijin zai karɓi sautinta ya miƙa shi ta kafar ARC.

Kafar ARC ba ta daina zama kafar shigarwa ba. Wanda ba shi da lasifikar waje yana iya soka dikoda ko kwamfuta a cikinta, kuma za ta yi aiki kamar kowacce. Alamar ba ta nufin hoto ya fi kyau a wurin. Haka kuma ARC ba ya fitar da hoto, saboda haka ba a iya amfani da shi wajen tura abin da talabijin ke nunawa zuwa wani talabijin.

Bambancin ARC da eARC

Hanyar ARC ba ta da faɗi sosai. Tana ɗaukar sautin sitiriyo mai lasifika biyu wanda ba a matse ba, da kuma sauti mai tashoshi shida da aka matse, irin Dolby Digital da DTS, wanda ake kira 5.1. Talabijin da yawa kuma suna iya tura Dolby Digital Plus ta wannan hanya, kuma shi ne nau'in da manhajojin kallon fina-finai ta intanet suka fi amfani da shi.

A shekarar 2017 HDMI 2.1 ya zo da eARC, wanda ke ɗaukar kimanin megabit 37 a sakan guda. Wannan ya isa a tura sautin da ba a rage masa inganci ba, irin Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio da ake samu a faifan Blu-ray. Kafin eARC ya yi aiki sai talabijin da na'urar sauti duka suna da shi. Idan ɗaya ne kawai ke da shi, yawanci haɗin yakan koma ARC na asali. Ga mai kallon dikoda da YouTube, ARC na asali ya wadatar, tunda sautin da suke bayarwa bai fi ƙarfinsa ba.

Sauran rubutun da ke jikin kafofi

Abu na biyu da ke bambanta kafofi shi ne yawan bayanan da kowacce ke iya ɗauka. Tsarin HDMI 2.0 na shekarar 2013 yana kaiwa gigabit 18 a sakan guda, abin da ya isa hoton 4K mai sauyawa sau 60 a sakan. HDMI 2.1 yana kaiwa gigabit 48, kuma da shi ake samun 4K sau 120 a sakan. Masu ƙera talabijin sukan ba wasu kafofi ne kawai wannan ƙarfi, sai su rubuta 4K@60Hz ko 4K@120Hz a gefensu. Na'urar wasa irin PlayStation 5 ita ce ke cin moriyar kafar 4K@120Hz. Dikodar da ke bayar da hoton HD ba za ta ƙaru da komai a wurin ba.

A wasu talabijin na 4K na farko-farko, kafa ɗaya ko biyu ne kawai ke da alamar HDCP 2.2. Wannan tsari ne na hana kwafar fina-finai, kuma na'urar da ke nuna fim na 4K takan buƙace shi. Idan aka soka ta a kafar da ba ta da shi, hoton yakan sauko zuwa ƙaramin inganci ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Alamar STB kuwa shawara ce kawai cewa a soka dikoda a wurin.

Misali

A ɗauki talabijin mai kafofi uku. Ta farko an rubuta HDMI 1 kawai, ta biyu HDMI 2 (eARC), ta uku HDMI 3 (4K@120Hz). Mai gidan yana da dikoda, na'urar wasa da doguwar lasifika.

Ana fara rabon ne da lasifika, domin kafa ɗaya tak za ta iya yi mata aiki, wato ta 2. A jikin lasifikar ma sai an duba, tunda wasu suna da kafofin HDMI biyu. Wadda ake nema ita ce mai rubutun HDMI OUT (TV-ARC) ko makamancinsa, ba HDMI IN ba. Kalmar OUT takan ruɗar da mutane, ganin cewa sauti shiga lasifikar yake yi. Dalilin sunan shi ne ta wannan kafa ce lasifikar ke miƙa wa talabijin hoton duk na'urar da aka soka a HDMI IN ɗinta, sautin kuma ya dawo ta kebul ɗin.

Bayan haka na'urar wasa ta ɗauki kafa ta 3, dikoda ta ɗauki ta 1 da ta rage. Da a ce an fara soka dikoda a ta 2 don ita ce ta fi sauƙin kai hannu, dikodar za ta yi aiki lafiya, amma lasifikar da aka soka a ta 1 za ta yi shiru ko da komai nata lafiya yake.

Akwai talabijin da kafar eARC ɗinsu tana cikin kafofi biyu kacal masu 4K@120Hz. Wanda ke da lasifika da na'urorin wasa biyu zai rasa gurbi guda. Sai dai ya soka ɗayar a kafa mai 60, ko ya bi da ita ta HDMI IN na lasifikar idan lasifikar tana iya wuce da hoton 4K sau 120, abin da da yawa ba sa iyawa.

Saiti

Soka kebul kaɗai ba ya isa a kowane lokaci. ARC na asali ya dogara ne da wani tsari mai suna CEC, wanda na'urori ke gane juna da shi ta fil na 13. Idan CEC a kashe yake, talabijin ba zai san akwai lasifika ba. Kowane kamfani da sunan da yake ba shi a cikin saiti: Anynet+ a Samsung, SIMPLINK a LG, BRAVIA Sync a Sony, VIERA Link a Panasonic, EasyLink a Philips. Bayan an kunna shi, sai a shiga saitin sauti a sauya mafitar daga lasifikar talabijin zuwa HDMI ARC. Alamar cewa haɗin ya kama ita ce maɓallin ƙara sauti na rimot ɗin talabijin zai fara sarrafa lasifikar waje.

Ƙarfin kafa ma wani lokaci sai an buɗe shi da hannu, kafa bayan kafa. Samsung yana kiran wannan saiti Input Signal Plus, Sony kuma Enhanced format. Idan ba a kunna shi ba, na'urar 4K na iya kasa bayar da cikakken hotonta ko da tana kafar da ta dace.

Matsalolin da aka fi gani

Idan akwai hoto amma lasifika ta yi shiru, abin dubawa na farko shi ne kafofin biyu, ta talabijin da ta lasifika, sannan CEC. Idan duka daidai suke, a cire na'urorin daga wuta na ɗan lokaci a mayar, domin CEC yakan rikice, musamman bayan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Idan wasu tashoshi suna da sauti wasu babu, galibi talabijin ne ke tura nau'in sautin da lasifikar ba ta iya karantawa. Sauya saitin fitar da sauti zuwa PCM yakan warware wannan, sai dai a ARC na asali sautin zai koma sitiriyo.

Idan sauti yana yankewa a eARC, ana fara zargin kebul. ARC na asali yakan yi aiki da kusan kowane kebul na HDMI mai lafiya, amma eARC yana buƙatar wanda aka rubuta wa High Speed with Ethernet ko Ultra High Speed. Hoton 4K sau 120 ma yana buƙatar Ultra High Speed.

Talabijin da babu alamar ARC a kowace kafarsa galibi ba shi da tsarin, sai dai a tabbatar a littafin da ya zo da shi. A irin wannan hali ana amfani da kafar OPTICAL, wadda ke ɗaukar sitiriyo da 5.1 da aka matse, amma ba ta ɗaukar umarnin CEC.