Bushewar ido: ba ƙurar hunturu kaɗai ba ce

A unguwarmu Gwallaga, cikin Bauchi, da hunturu ya kama sai ka ji ana kukan ido kamar an zuba yashi. Mu mazauna Kudu ma ba mu tsira ba: iskar fanka da kallon waya, wanda ke rage ƙiftawa, suna busar da ido.

Hawaye ba ruwa zalla ba ne. A bakin fatar ido, bayan gashin ido, akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙo duk sanda ka ƙifta. Maiƙon nan ke rufe hawaye don kada ya bi iska. In ya daskare ya toshe ƙofofin, sai hawayen ya bushe da wuri. Alamarsa raɗaɗi, da gani dishi-dishi da ke washewa in ka ƙifta. Wani idon ma zubar da ruwa yake yi, alhali a bushe yake. Kwallin da ake rambaɗawa a kan ƙofofin na iya ƙara toshe su.

Hawayen roba na kemis yana sanyaya ido, amma ba ya buɗe ƙofofin. Ni shawarata, a ɗora tsumma mai tsabta mai ɗumi a kan ido a rufe, minti 10, safe da yamma, a ɗan murza fatar zuwa wajen gashin, sannan a goge. Sai an yi makonni ake ganin sauƙi.

Maganin ɗigawa mai sinadarin dekzametason kuwa, kada a saya sai likita ya rubuta: yana iya jawo hawan jinin ido.