Giya da haihuwa: abin da take yi wa maniyyi da jinin al'ada

Idan ku ma'aurata ne masu neman haihuwa kuma ɗayanku yana shan giya, wannan bayani naku ne. Giya tana taɓa haihuwa ta hanyar dagula sinadaran homon, waɗanda su ne suke ba jiki umarnin yin maniyyi ga namiji da sakin ƙwai ga mace. A mafi yawan lokuta jiki yana farfaɗowa idan aka daina sha, amma ba ya farfaɗowa dare ɗaya. Sanin tsawon lokacin da hakan yake ɗauka shi ne zai hana ku yanke ƙauna da wuri, ko kashe kuɗi a kan gwajin da lokacinsa bai yi ba.

Nawa ake sha a zahiri?

Idan likita ya tambayi mutum yawan abin da yake sha, amsar da aka fi bayarwa ita ce "kwalba ɗaya ko biyu". Jiki kuwa ba kwalba yake ƙirgawa ba, yawan tsantsar barasar da ke ciki yake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 10 na tsantsar barasa a matsayin awo ɗaya. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, wadda aka rubuta 5% a jikinta, tana ɗauke da kusan giram 24. Ke nan kwalba ɗaya ta haura awo biyu.

Burkutu da ogogoro ba su da rubutu a jiki, kuma ƙarfinsu yana bambanta daga wannan mai dafawa zuwa wancan, don haka mai shan su ba ya sanin abin da ya shiga cikinsa. Akwai kuma jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ko leda da sunan maganin basir ko ƙarin ƙarfin maza. Da yawa daga cikinsu da barasa ake haɗa su. Mutum zai ce bai taɓa shan giya ba, alhali yana shan irin wannan kullum. Ku duba jikin kwalbar: idan kun ga lamba da alamar % tare da "alc" ko "vol", akwai barasa a ciki.

Abin da take yi wa namiji

A cikin 'ya'yan maraina ake ƙera ƙwayoyin maniyyi, kuma aikin yana buƙatar sinadarin testosteron mai yawa a wurin. Ƙwaƙwalwa ce take aiko da saƙon a yi wannan sinadari. Giya tana raunana saƙon tun daga sama, sannan tana cutar da ƙwayoyin halittar da ke yin testosteron ɗin a cikin marainan. Idan shan ya daɗe har ya taɓa hanta, sinadarin isturojin, wanda ya fi yawa a jikin mata, yakan taru a jinin namiji. Shi ya sa za ka ga wasu masu yawan sha nononsu ya kumbura, marainansu sun ƙanƙance, sha'awarsu ta ragu, gabansu kuma ba ya miƙewa yadda ya saba.

A gwajin maniyyi abubuwa uku ne suka fi nuna wannan illa: yawan ƙwayoyin, yadda suke iyo, da siffarsu. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a samu aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin 100 suna iyo zuwa gaba, kuma aƙalla kashi 4 cikin 100 suna da cikakkiyar siffa. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maniyyi zai iya zama mai kauri da yawa amma ƙwayoyinsa kaɗan ne. Haka kuma iya saduwa da iyali ba ya tabbatar da cewa maniyyin yana da lafiya.

Illar tana bin yawan sha. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan samari fiye da 1,200 a ƙasar Denmark ya nuna cewa ingancin maniyyi yana fara raguwa ga masu shan awo biyar a mako a kai a kai, kuma raguwar ta fi bayyana ga waɗanda suka haura awo 25. Mai shan manyan kwalabe biyu kowace rana ya wuce wannan adadi na biyu.

Dalilin jiran wata uku

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammalu, sannan ta ƙara wasu kwanaki tana nuna a bututun da ke bayan maraina. Saboda haka maniyyin da ya fito yau an fara ƙera shi ne kusan wata uku da suka wuce.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne mai shekara 34, shekara biyu da aure babu ciki, yana shan manyan kwalabe biyu kowane dare. Kwalba 14 ke nan a mako, fiye da giram 330 na barasa. Gwajinsa na farko ya nuna ƙwayoyi miliyan 9 a mililita, kashi 22 cikin 100 ne suke iyo zuwa gaba. Ya daina sha a farkon Janairu. Idan ya koma gwaji a ƙarshen watan, zai iya ganin sakamako kusan irin na farko, domin ƙwayoyin da aka ƙirga tun yana sha aka yi su. A nan ne mutane da yawa suke cewa ai bari bai yi amfani ba, su koma gidan jiya. Lokacin da ya dace ya maimaita gwajin shi ne watan Afrilu.

Kafin gwajin zai ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, ya tara maniyyin gaba ɗaya a mazubin da ɗakin gwaji ya ba shi, ya miƙa shi cikin awa ɗaya. Ya kuma gaya wa likita idan ya yi zazzaɓi mai zafi a watannin baya, domin zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana iya rage ƙwayoyin maniyyi na ɗan lokaci.

Idan sakamakon Afrilu ya inganta, to giya tana cikin abin da ya jawo matsalar. Idan bai canza ba, sai likita ya nemi wani dalili, kamar kumburin jijiyoyin jini na maraina, ko toshewar bututu bayan ciwon sanyi, ko ƙarancin homon. Ba kowa ne yake dawowa daidai ba. Wanda ya yi shekaru yana sha har hantarsa ko marainansa suka lalace, farfaɗowarsa takan yi jinkiri, wani lokaci kuma ba ta cika.

Abin da take yi wa mace

Jikinki yana sakin ƙwai sau ɗaya a wata, kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. Hakan yana faruwa ne idan sinadaran homon sun hau sun sauka bisa tsari, kowanne a lokacinsa. Giya tana ɗaga isturojin a jini, kuma yawan shanta yana rikita saƙon da ke sa ƙwan ya fito. Sai ƙwan ya makara, ko wata ya wuce bai fito ba. Bayan fitar ƙwai kuma akwai sinadarin furojestaron, wanda yake shirya bangon mahaifa ya karɓi ciki. Shi ma yawan sha yana iya raunana aikinsa.

Jikin mace ya fi na namiji saurin jin barasa. Ruwan jikinta bai kai nasa yawa ba, don haka idan suka sha daidai wa daida, barasar da ke jininta takan fi tasa.

Abin da za ki iya gani da kanki shi ne canjin al'ada. Tsakanin ranar farko ta wannan al'ada da ranar farko ta mai zuwa, daidai shi ne kwana 21 zuwa 35. Ki riƙa rubuta ranar farkon jini a kalanda har wata uku. Idan tazarar ta gaza 21, ko ta haura 35, ko tana tsalle sosai daga wata zuwa wata, ko jinin ya ɗauke wata uku babu ciki, ki je asibiti da wannan rubutu a hannu. Zuwan jini ba koyaushe yake nufin ƙwai ya fito ba. Ana tabbatarwa da gwajin furojestaron a jini, kwana 7 kafin ranar da ake sa ran al'ada. Ga mai zagayen kwana 28 rana ta 21 ke nan, ga mai kwana 35 kuwa rana ta 28. Idan aka yi gwajin a ranar da ba ta dace ba, zai nuna kamar babu ƙwai alhali akwai.

Ga mai sha kaɗan jefi-jefi, illar giya a kan samun ciki ba ta fito fili kamar ta mai yawan sha. Duk da haka shawarar likitoci ita ce ki daina gaba ɗaya tun lokacin da kika fara neman ciki. Mace ba ta sanin ta ɗauki ciki sai al'adarta ta wuce, a lokacin kuwa ɗan tayi ya riga ya fara ginuwa. Barasa tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri, tana ƙara haɗarin ɓari, tana kuma iya yi wa ƙwaƙwalwarsa lahani na har abada. Babu adadin da aka tabbatar ba ya cutarwa a lokacin goyon ciki. Idan kin sha kafin ki san kina da ciki, ki daina daga yau, ki sanar da ma'aikatan awo.

Gargaɗi kafin a daina

Wanda yake sha da yawa kullum, musamman idan hannunsa yana rawa da safe har sai ya sha, kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a gida. Cikin kwana ɗaya zuwa uku zai iya samun gumi, bugun zuciya, jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ruɗewa da gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. A asibiti akwai magungunan da ake bayarwa don a wuce waɗannan kwanaki lafiya. Abin da ka faɗa wa likita sirri ne tsakaninku, don haka ka faɗi ainihin adadin da kake sha, domin da shi zai tsara maganinka.

Yaushe za ku ga likita?

Ku je idan kun yi shekara ɗaya kuna saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba kuma babu ciki. Idan matar ta kai shekara 35, wata shida ya isa. Kada ku ce sai watanni ukun barin giya sun cika kafin ku fara zuwa, domin ana iya duba mahaifa da bututunta da fitar ƙwai a cikin wannan lokaci. Ku tafi tare, a duba ku duka biyu. Gwajin maniyyi yana cikin gwaje-gwajen haihuwa mafi sauƙi da araha, kuma da shi ya kamata a fara kafin mace ta shiga dogon bincike ita kaɗai.